Wasiƙar edita: yadda ake neman aikin bitar alƙaluman masu karatu duk wata

Da yawa daga cikin ƙananan mujallu da jaridun da ke fitowa a intanet suna da abin ƙidaya manne a jikinsu tun ranar da aka buɗe su. Wanda ya gina shafin ya saka Google Analytics, ya yi rajista da Search Console, ya karɓi kuɗin aikinsa, ya kama gabansa. Tun daga ranar manhajojin nan biyu suke ta ƙirga masu shigowa dare da rana, amma ba mai leƙa su sai ranar da mai talla ya tambayi mutum nawa ne ke karanta mujallar. A ranar sai a buɗe, a ɗauko lamba mafi girma da aka gani, a tura masa, a rufe.

Edita mai zaman kansa, wanda ake biya bisa kowane rubutun da ya gyara, shi ma a cikin duhun yake. Yana gyara jimla, ya rage gabatarwa, ya zaɓi take, ya miƙa. Abin da ya faru da rubutun bayan ya fita ba ya komowa kunnensa. Alhali shi ne mutumin da ya fi kowa dacewa da duba alƙaluman nan, domin kusan duk abin da suke nunawa, maganinsa yana hannun edita: take, sakin layi na farko, tsawon rubutu, wane batu za a ƙara, wane tsohon rubutu za a sabunta. Saboda haka wasu editoci ke rubuta wa mai ba su aiki wasiƙa, suna neman a ƙara musu wani aiki na daban: su riƙa zama sau ɗaya a wata su yi bitar alƙaluman, su kawo rahoto.

Irin wannan wasiƙa tana tsayawa ne ko ta faɗi a kan abu guda. Mai mujalla ba lamba yake son saye ba, lamba tana nan kyauta a wayarsa. Abin da zai biya kuɗi a kansa shi ne a gaya masa abin da zai canza ranar Litinin, da dalilin canza shi, da yadda za a gane ko canjin ya yi amfani. Hanya mafi sauƙi ta nuna masa cewa ka iya wannan ita ce ka yi masa samfuri a cikin wasiƙar kanta.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka akwai wata edita a Kaduna da ta shekara tana gyara rubuce-rubucen wata ƙaramar mujallar noma da kiwo mai fitowa a intanet da Hausa, mallakar wani Alhaji ɗan kasuwa. Mutanen da alƙaluman da za su biyo baya duk na misali ne, na tsara su ne domin a ga yadda lissafin yake tafiya. Yadda manhajojin suke aiki kuwa, haka yake a zahiri.

Kafin ta ɗora alƙalami, sai da ta roƙi abu ɗaya: a ba ta izinin kallon alƙaluman watan Nuwamba. Ba kalmar sirrin Alhaji ta nema ba. A Google Analytics akwai matakan izini, mafi ƙanƙanta shi ne `Viewer`, wanda ke iya kallo amma ba ya iya taɓa komai. A Search Console takwaransa shi ne `Restricted`. Da adireshin imel ɗinta kawai za a ƙara ta, kuma duk ranar da aka ga dama a cire ta. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin samfurin da aka gina a kan alƙaluman mutum na gaskiya shi ne ke sa ya gyara zama. In edita bai samu izinin ba, dole ya rubuta ƙarara cewa lambobin da ya kawo na kwatance ne. Wanda ya ƙirƙiro lamba ya gabatar da ita tamkar daga shafin mutum ya ciro ta, ranar da aka buɗe manhajar aka ga ba haka ba, ya rasa sabon aikin, ya rasa tsohon.

Ga yadda ta buɗe wasiƙar:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina godiya da izinin da ka sa aka ba ni na duba alƙaluman mujalla. Na zauna da na watan Nuwamba, na ga abubuwa uku da nake ganin za mu iya gyarawa ba tare da an kashe ko sisi a kan talla ba. Na zayyana su a ƙasa. In sun yi maka, ina neman ka amince in riƙa yin irin wannan bita duk wata, na tsawon wata uku a matsayin gwaji."

Ba ta ɓata lokaci wajen bayyana wa Alhaji amfanin alƙaluma a zamanin yau ba. Ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta faɗi abin da ta yi, ta faɗi abin da take nema, duk a sakin layi ɗaya. Mutumin da zai karanta wasiƙa a waya tsakanin baƙi biyu yana bukatar ya san buƙatarka kafin ya gangara ƙasa.

Abu na farko: rubutun da ake gani amma ba a dannawa

Search Console yana nuna abin da ke faruwa a shafin bincike na Google, kafin mutum ya shigo mujalla. A rahoton `Performance` akwai lambobi huɗu. `Impressions` shi ne sau nawa rubutunka ya bayyana a sakamakon bincike. `Clicks` shi ne sau nawa aka danna shi. `CTR` shi ne kashi nawa cikin ɗari na bayyanar ne ya zama dannawa. `Position` kuma matsakaicin matsayin da rubutun yake fitowa ne, na ɗaya ko na biyar ko na ashirin.

Ta rubuta: "Rubutunmu a kan ajiyar wake a buhun PICS ya bayyana a binciken Google sau 12,000 a Nuwamba, amma sau 180 kacal aka danna shi, wato kashi 1.5 cikin ɗari. Matsayinsa na huɗu ne. Sauran rubuce-rubucenmu da ke wannan matsayi suna samun kusan kashi 6 cikin ɗari. Taken da muka ba shi, 'Gumin manomi a bakin ƙwari', bai ambaci wake ba, bai ambaci ajiya ba. Masu bincike kuwa 'yadda ake ajiye wake' suke rubutawa. Shawarata a mayar da taken 'Yadda ake ajiye wake ba tare da maganin ƙwari ba'. In ya kamo 'yan uwansa, bayyana 12,000 za ta ba mu dannawa 720 maimakon 180."

A duba yadda ta jera shi: abin da ta gani, abin da ta gwada shi da shi, abin da take zaton ya jawo, abin da za a yi, da abin da ake sa ran gani. Na biyun nan, wato ma'auni, shi ne wanda sababbin shiga suka fi mantawa. Kashi 1.5 shi kaɗai ba ya cewa komai. Ga rubutun da ke fitowa a matsayi na goma sha biyar, wannan ba laifi. Ga wanda ke na huɗu, alama ce ta cewa mutane suna ganinsa suna tsallakewa. Kuma ba ta je ta ɗauko wani ma'auni daga wata ƙasa ba, da sauran rubuce-rubucen mujallar ta gwada shi, masu harshe ɗaya da masu karatu ɗaya.

Akwai aikin da ta yi wanda bai fito a wasiƙar ba, kuma shi ne ya ba ta ƙarfin gwiwar yin maganar. Ta ware wannan rubutu shi kaɗai a manhajar, sannan ta buɗe `Queries` ta ga ainihin kalmomin da suka sa yake bayyana. Da a ce yawancinsu "farashin wake a Dawanau" ne, da labarin ya sha bamban. Mai neman farashi ba zai danna rubutun ajiya ba komai kyan takensa, kuma in ka lanƙwasa taken ya yi kama da na farashi, ka yaudare shi, zai shigo ya fita nan take. Sai da ta tabbata masu tambayar ajiya ne suka fi yawa, kuma rubutun yana amsa tambayar tasu da gaske: ya bayyana buhun mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, da yadda ake matse iska a ɗaure kowace leda daban, har ƙwarin su rasa iskar shaƙa. Amsar tana ciki, take ne ya ɓoye ta.

Ni ina son take mai azanci, kuma ban yarda a mayar da kowane rubutu "yadda ake kaza" ba. Take irin na "Gumin manomi" yana da wurinsa, musamman a mujallar takarda, inda hoto da ƙaramin bayani ke gefensa suna taya shi magana. A sakamakon bincike shi kaɗai yake tsaye a cikin layi, tsakanin wasu tara, gaban mutumin da wakensa ya fara huda.

Gargaɗi biyu ta haɗa da wannan shawara. Na ɗaya, a canza take kawai, kada a taɓa adireshin rubutun, domin in adireshi ya canza ba tare da an yi masa turawa ba, duk wanda ya danna tsohon zai tarar da shafin babu, matsayin da aka samu a Google kuma ya lalace. Na biyu ya fi wannan muhimmanci. Nuwamba kakar wake ce, lokacin da kowa ke neman yadda zai adana. Zuwa Janairu masu binciken za su ragu. Idan bayyana ta sauka zuwa 4,000, aka danna sau 200, mai kallon yawan dannawa kaɗai zai ce ba abin da ya canza, daga 180 zuwa 200. Alhali kason ya tashi daga 1.5 zuwa 5 cikin ɗari, taken ya yi aiki. Shi ya sa ta rubuta tun yanzu cewa da `CTR` za a auna wannan gyara, tare da duba cewa matsayin bai motsa sosai ba. Ma'aunin da aka amince da shi kafin a ga sakamako ba ya jawo gardama daga baya.

Abu na biyu: baƙin da ba a san ta inda suka shigo ba

Google Analytics yana kasa masu shigowa bisa hanyar da suka biyo: bincike, shafukan sada zumunta, wani shafin da ya turo su. Wanda manhajar ta kasa gane ta inda ya fito, sai ta jefa shi rukunin `Direct`. Da yawa suna ɗauka wannan rukuni na masoyan mujalla ne da suka haddace adireshinta suke rubutawa da hannu, har su riƙa alfahari da shi.

Ga abin da ta gani: "A cikin ziyara 20,000 da muka samu a Nuwamba, 11,000 suna ƙarƙashin `Direct`, wato kashi 55 cikin ɗari. Amma 9,000 daga cikinsu ba ta shafin farko suka shigo ba, kai-tsaye suka faɗo kan rubutu mai dogon adireshi wanda ba mai iya rubuta shi da ka. Zatona yawancinsu daga WhatsApp suke. Ba zan iya rantsuwa a kai ba tukuna, amma akwai hanyar da za mu sani nan da wata ɗaya."

Dalilin shi ne, idan mutum ya danna adireshi daga cikin manhajar hira, sau da yawa ba a sanar da shafin daga ina ya taso. Ba sabon al'amari ba ne, tun 2012 ɗan jarida Alexis Madrigal ya yi rubutu a kansa a mujallar The Atlantic. Amma ga mujallar da masu karatunta ke yaɗa labari a zaurukan WhatsApp na ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa, wannan rami yana iya haɗiye fiye da rabin lissafi. Mai mujalla sai ya ga Facebook ne babbar hanyarsa, ya zuba kuɗi da lokaci a can, alhali yaron da ke tura rubutu zauruka kowace safiya shi ne ke kawo jama'a.

Maganin shi ne a maƙala wa adireshin wata 'yar alama kafin a tura shi:

```
https://example.com/ajiyar-wake?utm_source=whatsapp&utm_medium=social&utm_campaign=disamba
```

Duk wanda ya danna wannan, za a rubuta shi a ƙarƙashin `whatsapp` a rahoton `Traffic acquisition`. Ba ya cin kuɗi, sai dai yana son tsari. Manhajar tana bambanta manyan haruffa da ƙanana, don haka in yau an rubuta `whatsapp`, gobe wani ya rubuta `WhatsApp`, za su fito a layi biyu kamar hanyoyi biyu ne. Ba a kuma saka alamar a adireshin da ke kai mutum daga wani rubutu zuwa wani a cikin mujallar kanta, domin yana rikita lissafin asalin hanyar da ya shigo. Sannan alamar tana bin adireshi duk inda ya je: in wani ya kwafe shi daga WhatsApp ya liƙa a Facebook, masu dannawa daga can ma a matsayin 'yan WhatsApp za a ƙirga su. Wanda kuma ya kwafi adireshin daga saman burauzarsa bayan ya shigo ta bincike ya tura wa abokinsa, abokin zai ci gaba da faɗawa `Direct`. Ramin zai ragu, ba zai cike ba, kuma ta gaya wa Alhaji hakan a jimla ɗaya.

Abu na uku, wanda ba ta yanke hukunci a kansa ba

Wannan ne ya fi burge ni a wasiƙar. Rubutu biyu ne suka fito da ƙarancin lokacin karatu. Jadawalin farashin taki an buɗe shi sau 6,000, matsakaicin lokacin da ake yi a kansa daƙiƙa 14. Dogon rahoto a kan kiwon kaji, mai kalma 1,400, an buɗe shi sau 900, matsakaicin lokaci daƙiƙa 25. Lambar da ake dubawa a nan ita ce `Average engagement time`, wadda ke ƙirga lokacin da shafin yake a buɗe a gaban mutum, ban da lokacin da ya koma wata manhaja ya bar shi a baya.

Mai gaggawa zai ce duka biyun sun gaza. Ita ta raba su. Mai neman farashin buhun taki ya shigo, ya gani, ya fita cikin daƙiƙa 14, an biya masa bukata, ba abin da za a gyara. Rahoton kaji kuwa, in aka yi lissafi da kalma 200 a minti, yana bukatar minti bakwai. Daƙiƙa 25 na nufin yawancin mutane ba su wuce sakin layi na biyu ba. Wata lambar ta ƙarfafa wannan: in an kunna ta, manhajar tana rubuta `scroll` duk lokacin da mutum ya gangara zuwa kashi 90 cikin ɗari na shafi, kuma a nan sau 45 kawai aka rubuta, ɗaya cikin ashirin ke nan.

To me ya kore su? Alƙaluma ba sa faɗin dalili. Sai ta ɗauki wayarta, ta kashe intanet ɗin gida, ta buɗe rubutun da datar waya kamar yadda manomi zai buɗe shi. Hoto ne babba ya fara tsayawa a sama, yana saukowa kaɗan-kaɗan daga goshin kaza zuwa ƙafarta. A ƙarƙashinsa talla. Sai sakin layi uku na tarihin kiwon kaji kafin a zo maganar abinci da rigakafi, wadda take ta yi alkawari. Abubuwa biyu ke nan da ake zargi, nauyin hoto da doguwar gabatarwa, kuma na biyun ita da kanta ta bar shi ya wuce lokacin gyara. Ta rubuta: "Ban san wanne ne daga cikin biyun ba. Ina ba da shawarar mu fara rage gabatarwar a Disamba mu bar hoton yadda yake. In lokacin karatu bai motsa ba, a Janairu mu rage nauyin hoton." Da za a canza biyun a rana ɗaya, ko an samu ci gaba ba za a san wanda za a maimaita a sauran rubuce-rubuce ba.

Akwai wata lamba da ta ƙi kawowa duk da kyanta. `Engagement rate` na mujallar ya haura kashi 60 cikin ɗari, abin da zai faranta wa kowane mai mujalla rai. Amma a ƙa'idar manhajar, ziyara tana shiga wannan lissafi da zarar ta wuce daƙiƙa 10, ko an buɗe shafi biyu, ko an yi wani abu da aka ware a matsayin muhimmi. Mutumin da ya tsaya daƙiƙa 12 yana jiran hoto ya sauko, ya gaji ya fita, shi ma an ƙirga shi. Ba ta kawo rabe-raben garuruwa ba, domin daga adireshin intanet na waya ake hasashen gari, kuma layukan waya kan nuna mutumin Funtua kamar yana Legas ko Abuja.

Sharuɗɗan aiki

Bayan samfurin sai maganar aiki, kuma a nan ba a son kunya. Ta ce rahoton ba zai wuce shafi biyu ba: lambobi kaɗan da za a riƙa bi kowane wata ba tare da sauya su ba, abubuwa uku da aka gano, da sakamakon gyare-gyaren watan baya. Zai iso kafin ranar 7 ga wata, ba ranar 1 ba, saboda alƙaluman kwanakin ƙarshe kan ɗauki kwana biyu ko uku kafin su kammala shigowa. Bayansa za su yi magana ta waya ta rabin awa. Ta ƙiyasta aikin zai ci mata awa shida a wata, ta sa masa kuɗi daidai da na gyaran rubutu huɗu, a biya shi daban da kuɗin gyara. Raba kuɗin yana kare ta daga abin da ya saba faruwa da masu zaman kansu, inda sabon aiki ke narkewa cikin tsoho ya koma "ai dama kina dubawa".

Ta kuma faɗi abin da ba ya ciki. Ba za ta gyara na'urar shafi ba, ba za ta sayi talla ba, ba ta kuma yi alkawarin masu karatu za su ninka ba. Google yana sauya tsarin bincikensa sau da dama a shekara, wani lokaci ma yakan sake taken da ka rubuta ya nuna nasa, kuma ba edita da ke da iko a kan haka. Alkawarinta shi ne kowane gyara za a rubuta shi da ranarsa, da lambar kafinsa, da lambar da ake fata, sannan a dawo a duba.

Wannan rajista ta gyare-gyare tana magance wata matsala da ya kamata edita ya ambata da bakinsa kafin a ambata masa: ita ce ke zaɓen take, ita ce kuma za ta ba wa taken maki. Mai duba aikin kansa yana iya tsince lambobin da suka yi masa daɗi ba tare da ya yi niyyar ha'inci ba. In an rubuta ma'auni tun kafin sakamako, a wurin da Alhaji ma yake gani, wannan ƙofa ta rufu.

Kwatanta wata da wata ma ta yi masa ƙa'ida. Fabrairu ya gaza Janairu da kwana uku a yawancin shekaru, wanda shi kaɗai yana iya nuna faɗuwar kusan kashi 10 cikin ɗari alhali ba abin da ya faru, don haka da matsakaicin kowace rana za a riƙa gwadawa. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana kuma sauya lokacin da mutane ke karatu da abin da suke nema, saboda haka gwada Maris na bana da Maris na bara yana bukatar a fara duba kalandar Musulunci. Rubutun da aka danna sau 8 ya koma sau 12 kuwa, ba za ta kira shi ƙarin kashi 50 ba, mutum huɗu ne.

Roƙo ɗaya ta yi wanda ba ta da izinin aiwatarwa da kanta. Tun da tsohon Universal Analytics ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli 2023, sabon tsarin yana zuwa ne da ajiyar cikakkun bayanai ta wata 2, sai mai shafi ya shiga `Data retention` ya mayar da ita wata 14. Rahotannin yau da kullum ba su dogara da wannan ba, amma binciken ƙwaƙwaf da ake yi a `Explore` ba ya iya komawa baya fiye da wa'adin, kuma abin da ya riga ya goge ba ya dawowa. Search Console shi wata 16 yake riƙewa. Ta kuma tabbatar masa cewa jimillar lambobi kawai take aiki da su, ba sunan kowa ko lambar wayarsa ba. Ƙa'idar Google ta hana tura irin waɗannan bayanai cikin manhajar, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023.

Ta rufe da buƙata ƙarama wadda za a iya amsawa da kalma ɗaya: "In ka amince, Alhaji, ka ba ni izini in canza taken rubutun wake a wannan mako, tun kakar ba ta wuce ba. Rahoton farko zai same ka kafin 7 ga Janairu, in sha Allahu. A ƙarshen Maris sai mu zauna, in ka ga bai biya kuɗinsa ba mu tsaya a nan, aikin gyara ya ci gaba yadda yake. Na gode. Wassalam."

Rahoton na Janairu zai buɗe ne da taken wake, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. In kason ya tsaya a kusa da 1.5, abu na farko da za ta duba shi ne ko Google ya ma fara nuna sabon taken, domin yakan ɗauki kwanaki kafin ya sake ziyartar shafi, kuma ana iya roƙonsa ta `URL Inspection` daga asusun mai cikakken izini. In yana nunawa kuma ba a dannawa, sai ta rubuta tambayar a wayarta ta ga su wa ke samanta. Wataƙila bidiyo ne guda biyu suka cika fuskar waya, wanda ke nufin matsayi na huɗu yana can ƙasa inda sai an gangara. A wannan hali za ta rubuta a rajista cewa zatonta bai tabbata ba, ta bar taken, ta kawo wa Alhaji maganar ko mujallar za ta iya ɗaukar gajeren bidiyon ɗaure buhun kafin kaka mai zuwa.